Kafin ka ce ta sallami sauran samarinta: yadda ake zaman tsayar da magana

Wata ƙanwata, ɗiyar ƙanwar mahaifiyarmu, ta shigo gidana wata Asabar da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Yaya, wai ya ce in kori kowa." Sati shida ke nan wani malamin sakandare yana zuwa wurinta zance, Alhamis da Lahadi bayan magariba. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya iso ya tarar da mota a ƙofar gida, mai motar kuma yana zaure tare da ita. Bai ko kashe babur ɗinsa ba ya juya. Can cikin dare ya turo mata saƙo cewa in dai tana son sa da gaske, daga yau kada ya sake ganin kowa a ƙofar gidansu.

Na tambaye ta abu ɗaya: shi me ya ce zai yi in kin kore su? Ta yi shiru, ta sake duba wayar, ta ce bai ce komai ba.

A nan yawancin irin wannan magana ke lalacewa. A wurinmu budurwa ba ta da laifi don mutum biyu ko uku suna sallama da ita, haka aka saba, har ranar da za a ce ta fitar da gwani. Saboda haka duk wanda ya ce ta rufe ƙofa saboda shi, abu mai tsada ya nema, kuma dole ya ajiye wani abu a madadinsa. Abin da ake ajiyewa kuwa shi ne lokaci: yaushe magabatansa za su zo. In babu wannan, an sa yarinya ta saki reshe ta kama ganye. Ga yadda na bi da ita da shi, mataki bayan mataki, kuma haka nake ba kowa shawara, namiji ko mace.

Da farko, ka san abin da kake nema

"Ni kaɗai" kalma ce mai ɗauke da abubuwa uku, kuma sau da yawa saurayi na nufin ɗaya budurwa na jin wani. Na farko, a daina kula wasu: ita ta daina fita zance da kowa, shi ya daina zuwa wasu gidaje, hirar waya da ake yi da sunan soyayya ma ta tsaya. Na biyu, a sanar da manya, wato magana ta tashi daga tsakanin mutum biyu ta koma tsakanin gida biyu. Na uku, alkawarin cewa ba za a yi kishiya ba har abada.

Na farko da na biyu su ne aikin wannan zaman, kuma tare suke tafiya. Na ukun ba a zaure ake yanke shi ba. Na sha ganin saurayi cikin zafin so ya rantse cewa daga ke ba ƙari, yarinya ta ɗauke shi alkawari ta gina rayuwarta a kai, bayan shekara takwas a zo ana kuka ana tuna masa. In maganar kishiya tana damun ki, ki tambaye shi ra'ayinsa a fili, ki saurari yadda zai amsa, ki auna. In kuwa sharaɗi kike so ya zama, wannan a gaban waliyyai da malami ake yin sa lokacin ƙulla aure, don malamai suna da bayani a kan irin sharaɗin da yake ɗaure miji da wanda ba ya ɗaurewa. Kai kuma namiji, kada ka faɗi abin da ba ka tabbata za ka iya riƙewa ba don kawai ka ga ta yi murmushi.

Idan mai neman yana da mata a gida, to ma'anar "ke kaɗai" ta canza tun daga tushe, sai a fayyace ta: ke kaɗai nake nema yanzu, babu wata budurwa ko bazawara a gefe. Sai tambayar da take biye da ita, ko uwargida ta san yana neman ƙari, in ba ta sani ba yaushe zai faɗa mata.

Yaushe lokaci ya yi

Ba yawan makonni ake ƙirgawa ba, abin da aka sani a cikinsu ake dubawa. Amma in za a ba da ma'auni, wanda yake zuwa sau biyu a mako, daga sati huɗu zuwa takwas ya isa ya san ko da gaske yake. Wanda ya kawo maganar a zuwa na biyu ya yi riga-malam-masallaci, ko sunan unguwar kakanninta bai sani ba. Wanda kuma ya kai wata shida yana zuwa ana shimfiɗa masa tabarma bai ce komai ba, ya tare wa yarinya ƙofa, domin mutanen unguwa sun riga sun ɗauka tana da tsayayye, masu niyya sun ja baya.

Kafin a zauna, akwai abubuwan da kowanne ya kamata ya sani game da ɗayan. Me yake yi, kuma a ina, ba da bakinsa kaɗai ba. Gidan wa ya fito. Ya taɓa aure, yana da 'ya'ya. A gidansu an yi masa mata cikin dangi, ita ma ko an taɓa yi wa wani alkawarinta. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kashe magana daga baya. Ƙanwata tana da wani ɗan baffanta da ke karatu a wani gari, wanda tun suna yara ake cewa mijinta ne. Ita wasa ta ɗauke shi, amma ba ta taɓa tambayar mahaifinta ko shi ma wasa ya ɗauka ba. Na ce mata kafin ki ba kowa amsa, je ki tambayi Umma a ɗaki, ke da ita. Ta tambaya, aka ce babu wani alkawari, zancen tsofaffi ne kawai. Da an ce akwai, da duk abin da za ta faɗa wa malamin nan ya zama iska.

Shi ma na sa maigidana ya yi ɗan bincike a kansa, ba mai zurfi irin wanda iyaye za su yi ba. Ya je unguwarsu ya yi sallah a masallacinsu, ya tambayi wani da ya sani. Kwana biyu ya ɗauka. Sannan na ce ta yi istihara, ta kuma faɗa masa shi ma ya yi.

Akwai gwajin jini. Mutane suna barin sa sai an sa rana an fara haɗa lefe, lokacin da rabuwa ta zama tashin hankali ga gida biyu. Ni ina ganin wurinsa shi ne nan, kafin a sallami kowa. In ke AS ce shi ma AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, haihuwar mai lafiya ba ta kare na gaba. A Kano tun shekarar 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na sikila, ƙanjamau da ciwon hanta, don haka ko ba a yi yanzu ba za a yi gaba. Ƙanwata ta san ita AS ce tun tana makaranta. Ke nan ba ta da dalilin rufe ƙofarta saboda mutumin da ba ta san nasa ba.

Inda addini ya ja layi

Samari suna yawan jawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa, suna nufin tunda sun fara zuwa to kowa ya kauce. Hadisin ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi. Amma Imamu Malik ya yi bayaninsa a cikin Muwaɗɗa: hanin yana farawa ne idan macen ta karkata ga mai neman, aka daidaita a kan sadaki, aka yarda da juna. Ba wai da zarar mutum ya nuna yana so ƙofa ta rufe ga kowa ba. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta gaya wa Annabi cewa Mu'awiya da Abu Jahm duk sun neme ta, bai ce ɗayansu ya yi laifi ba, sai ma ya ba ta shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu.

Wannan yana nuna wa saurayi matsayinsa. A sati na shida, ba ka turo ba, ba a ba ka ba, ba ka da haƙƙin da za ka kafa doka da shi. Roƙo kake yi, da harshen roƙo kuma za ka yi magana. Ita ma yana nuna mata nata: ranar da ta amsa wa mutum aka kuma karɓi maganar magabatansa, sauraron wani ya zama cin amana, ba sauran batun ruwan ido.

Ga mai neman bazawara, ka tabbata iddarta ta cika kafin ka buɗe wannan babi. Aya ta 235 a Suratul Baƙara ta hana ƙulla alkawarin aure cikin idda, takaba kuma wata huɗu ne da kwana goma in babu ciki.

Wuri da lokaci

Fuska da fuska, a inda aka saba zance, zaure ko falon gidansu, inda mutanen gida suka san kuna nan. Ba ta saƙon waya ba, ba kuma a ranar da ka tarar da wani ba. Kuskuren malamin nan ke nan: maganarsa tana da gaskiya a ciki, amma kishi ne ya rubuta ta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sai ta fito kamar umarni. Rubutu ba shi da murya, ba ka ganin fuskar mai karantawa, kuma ana iya ɗaukar hotonsa a tura wa ƙawaye su yi masa fassara goma kafin gari ya waye. Idan nisa ya raba ku, kamar wanda ke aiki a Legas ko Fatakwal ita tana Katsina, a yi kiran murya a lokacin da aka shirya, sannan a maimaita maganar a zuwansa na gaba.

Ka sanar da ita tun kafin ranar. "Ranar Lahadi in Allah ya kai mu akwai maganar da nake so mu yi, ta alheri ce." Wannan kaɗai ya ba ta damar yin tunani da shawara, ba za ta amsa maka cikin ruɗewa ba. Ka je kai kaɗai ranar, abokin rakiya ya huta. Kada kuma ka haɗa zuwan da wata babbar kyauta. In ka ajiye mata sabuwar waya sannan ka ce ta kori sauran, ka sa mata nauyi a baki, amsar da za ka samu ta kunya ce, kuma irinta ba ta daɗewa.

Na ce wa ƙanwata ta ba shi amsar saƙonsa da layi biyu: ta ji, kuma maganar ta fi ƙarfin waya, ya zo ranar Lahadi.

Abin da za a faɗa

Tsarin da na ga yana aiki ga namiji shi ne ya fara da kansa. Ka faɗi inda ka tsaya, ka faɗi abin da ka riga ka yi, ka faɗi lokacin da za ka turo, sannan a ƙarshe ka nemi abin da kake so daga gare ta. Misali:

"Yau sati shida ina zuwa gidan nan. Na yi istihara, na natsu da ke, aure nake nema. Akwai wadda muke magana da ita kafin na san ki, na yi mata bayani mun rabu tun makon jiya. Na faɗa wa Hajiyata, kuma ina so kawuna ya zo gaisuwa bayan Babbar Sallah da sati ɗaya. In kin amince da ni, ina roƙon ki dakatar da sauran masu zuwa. Ba sai kin ba ni amsa yau ba."

Duba yadda roƙon ya zo daga baya, bayan an nuna mata abin da za ta riƙe. Duba kuma cewa ya sallami tasa kafin ya nemi ta sallami nata. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan bai tsaya kan mata ba. Namijin da ya ce wa budurwa ta kori kowa alhali shi yana da gida uku da yake zagayawa, yana fakewa da cewa an halatta masa huɗu, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Halaccin auren mace fiye da ɗaya bai halatta yi wa yarinya ƙaryar cewa ita kaɗai ce ba. In akwai wata, ka faɗa, ta zaɓa da idonta a buɗe.

Mace kuma, da yawa suna jin nauyin fara wannan magana, kada a ce sun matsu. Ba sai kin ce ya aure ki ba. Tambaya za ki yi, kuma kina da madogara mai ƙarfi, wato gida. "Malam, a gida an fara tambaya ta game da kai, ban san me zan ce musu ba. Ina so in ji matsayina a wurinka." In da gaske an tambaya, to, in ba a tambaya ba kada ki ƙirƙira. Ki ce kawai, "Akwai masu zuwa, ba na so in riƙe kowa a kan rashin tabbas, kai ma ba na so in ɓata maka lokaci. Me kake nufi da ni, kuma zuwa yaushe?" Abin da ba na so ki yi shi ne ki kawo sunan wani don ki tayar masa da kishi, ko ki ce an ba ki sati biyu ki fitar da miji alhali ba a ba ki ba. Ranar da ya gano, duk maganar da kika faɗa bayan nan sai ya sa mata alamar tambaya.

Bayan kin yi tambayar, ki yi shiru. Wannan yana da wuya. Shirun zai yi nauyi, za ki ji kamar ki ce "ba komai fa, wasa nake yi." Kada ki ce. Ki bar shi ya cike shirun da kansa.

Yadda ake gane amsa

Amsar gaskiya tana da suna da lokaci a cikinta: wane ne zai zo, yaushe. Ko da lokacin da nisa, in an faɗe shi da dalili, amsa ce. "Sai na gama bautar ƙasa a watan goma, amma kafin nan yayana zai zo a san da ni" magana ce da za a iya riƙewa. "Ba ni sati biyu in yi shawara da mahaifina" ita ma amsa ce, in dai bayan sati biyun ya dawo da kansa ya tayar da maganar ba sai an tuna masa ba.

Wadda ba amsa ba ita ce mai daɗi marar ƙashi. "Haba, ke ma kin san ke ce." "Komai lokaci ne." "Bari abubuwa su daidaita." In kika ce zuwa yaushe, sai ya ce ba ki yarda da shi ba, ko ya yi fushi ya kwana uku bai kira ba don ki ji tsoron sake tambaya. Wata alamar ita ce wanda yake son ki kori kowa amma ba ya son kowa nasa ya san ki, ko ƙanwarsa ba ki taɓa gaisawa da ita ba. Irin wannan kada ki yi faɗa da shi, kada kuma ki sallami kowa saboda shi. Ki ce, "To Allah ya daidaita, duk ranar da ka shirya ƙofar gidanmu a buɗe take," ki ci gaba da sauraron masu zuwa.

Kai ma namiji kana iya samun irin wannan daga mace. Jan aji na kwana biyu ko uku al'ada ce, kunya ma gaskiya ce, wata ba za ta iya cewa "na amince" da baki ba, sai ta aiko ƙawarta ko ta ce ka je ka ga Baba. Wannan amincewa ce. Amma wadda sati uku suka wuce tana cewa tana tunani, toshi kuma tana karɓa daga kowa, ta ba ka amsa ko ba ta furta ba. In ta ce maka a'a, ko ta ce akwai wanda ya riga ka a zuciyarta, ka gode mata don ta faɗa maka gaskiya da wuri. Kada ka bi ta da zagi, kada ka aika a karɓo kyaututtukan da ka ba ta don raɗin kanka, kada ka ɓata mata suna a majalisa.

Ranar Lahadin malamin ya zo. Ta ce masa ta ji buƙatarsa, amma tana da tambaya biyu: yaushe zai turo, kuma mene ne sakamakon gwajinsa na sikila, don ita AS ce. Ta ce min ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ba ta haƙuri a kan saƙon, ya ce bai taɓa yin gwajin ba amma zai yi cikin makon, batun turowa kuma ta ba shi zuwa Alhamis ya ga mahaifinsa. Ranar Alhamis ya zo da takardar asibiti, AA, ya ce kawunsa da yayansa za su zo sati ɗaya bayan Babbar Sallah. Daga ranar zuwa lokacin, sati goma ne.

A fayyace abin da aka yarda da shi

In an amince, kada a tashi sai an faɗi iyakokin abin, don gobe kada wani ya ce ba haka ya fahimta ba. An daina zance da wasu, an daina hirar soyayya ta waya da kowa, ɓangare biyun. Wannan bai haɗa da gaisawa da abokan karatu, abokan aiki, masu sayen kayanta ko 'yan'uwa maza ba. Bai ba shi ikon karɓar wayarta ya bincika ba, ko neman lambar sirrinta, ko cewa sai ta nemi izininsa kafin ta je biki. Har yanzu a ƙarƙashin mahaifinta take. Saurayin da ya fara wannan tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba yana nuna miki irin mijin da zai zama, ki kalla da kyau.

Haka kuma tsayar da magana ba ɗaurin aure ba ne. Wasu suna amfani da "ai ni zan aure ki" su nemi keɓewa, ko hotunan da bai kamata ba. Wurin zance bai canza ba, iyaka ba ta matsa ba. Sanya hotunan juna a WhatsApp da sauran shafuka ma ina ba da shawarar a jinkirta har a sa rana, domin in abin bai yiwu ba, yarinya ce ake bari da tambayoyin mutane.

Sallamar sauran

Wannan mataki ana raina shi, alhali a nan ake sayen gaba ko a rabu da mutunci. Kada ki toshe lambar mutum kawai, kada ki riƙa aiko yaro ya ce ba kya nan har ya gaji. Wanda ya yi sallama a ƙofar gidanku da niyyar aure ya cancanci a faɗa masa. Gajeren bayani ya isa: "Alhaji, na gode da karamcinka, ban ga wani aibu a tare da kai ba. Amma na tsayar da magana da wani, kuma a gida an sani. Ina roƙon ka yi haƙuri, Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni." Ba sai kin faɗi sunan wanda kika zaɓa ba, kada kuma ki bar wata 'yar kafa irin "mu ga abin da Allah zai yi." In akwai kaya masu nauyi da ya kawo da sunan neman aure, ki faɗa wa mahaifiyarki, manya su san yadda za a mayar. In ya ƙi ji ya ci gaba da zuwa, ba aikinki ba ne kuma, yayanki ko kawunki ne zai fita ya same shi.

Tsarin da muka bi shi ne wannan. Ƙanwata ta faɗa wa Umma a daren Alhamis ɗin da malamin ya kawo takardar asibiti, Umma ta faɗa wa Baba. Baba ya ce yaron ya zo ya gaishe shi, ya zo ranar Asabar, ya maimaita lokacin da ya ɗiba a gabansa. Sai bayan nan ta sallami mai motar, wani ɗan kasuwa mai mata ɗaya. Na nace a kan wannan jerin ne saboda alkawarin da aka faɗa wa budurwa a zaure yana da sauƙin warwarewa, wanda aka faɗa a gaban mahaifinta kuwa yana da shaida. Ɗan kasuwar bai ji daɗi ba, ya aiko wata gwaggonsa ta ba da baki, Umma ta ba ta haƙuri, magana ta mutu a nan. Har yau in ya haɗu da Baba suna gaisawa.

In lokaci ya zo ba a turo ba

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, a nan kuwa saurayi ne zai ji ta. Uzuri yana faruwa: rasuwa, rashin lafiya, albashi ya makale. Abin da ke raba mai uzuri da mayaudari shi ne wanda ya fara magana. Mai uzuri yana zuwa kafin ranar, ya faɗi abin da ya faru, ya ɗibi sabon lokaci, kuma ga manya yake faɗa ba ga yarinya kaɗai ba. Mayaudari yana bari ranar ta wuce shiru, in an tambaye shi ya ce ana matsa masa. Ɗagawa sau ɗaya da dalili ana karɓa. In aka ɗaga sau biyu ba wani babba nasa da ya tako, ki faɗa masa a fili cewa alkawarin da kika yi na dakatar da kowa ya ƙare tare da wa'adinsa, in ya shirya ya turo, amma ba za ki ƙara rufe ƙofa ba.

Namu ma bai zo a ranar da ya ce ba. Ana saura kwana biyar Sallah kawun nasa ya kwanta asibiti. Washegari malamin ya zo da yayansa suka sami Baba bayan la'asar, suka yi bayani, suka nemi ƙarin sati uku. Baba ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya kuma aika ƙanen ƙanwata ya duba shi. Ranar Lahadin da sati ukun suka cika, kawun ya zo yana dogara sanda, tare da mutum uku, da goro da alawa da kuɗin gaisuwa.